Ƙwaya ɗaya a ƙasan buhun gero

Lokacin da na fara aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Kano, abin da muke da shi kaɗan ne. Mace mai ƙwayar cutar ƙanjamau za mu ba ta nebirafin guda ɗaya ta sha idan naƙuda ta kama, jariri kuma a ɗiga masa na ruwa sau ɗaya. Yana rage haɗari, amma watannin shayarwa babu kariya. In ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 na irin waɗannan uwaye, 15 zuwa 45 suna kamuwa. Malawi ce ta fara, a 2011, ɗora kowace mai ciki da aka samu da cutar kan magani na har abada, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bi wannan hanya. Da tsarin ya iso gare mu, aikin ya koma na ganin uwa ba ta tsallake ƙwayarta ba.

Akwai wata yarinya da ta zo awo da cikin fari wata shida. Gwaji ya nuna tana da cutar. A ranar muka fara mata magani, ƙwaya ɗaya kullum mai haɗe da magunguna uku. Na bayyana mata cewa yawan ƙwayoyin cuta a jininta shi ne ma'auni: in suka yi ƙasa, da wuya su ratsa mabiyiya, ko su shiga jariri ta jinin haihuwa, ko ta nono. Da ciki ya kai sati 34 aka auna, sun sauka ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini, wanda shi ne iyakar da muke dubawa.

A hannuna ta haihu. Ban fasa mata faya ba, ban ƙara ta ba, na kuma rage yawan duba ta, domin duk abin da zai daɗa haɗa jariri da jinin uwa muna gudunsa. Kafin su tafi na ɗiga wa yaron nebirafin, na koya mata jan ma'auni da ƙaramin sirinji, kullum har sati shida.

Jego ne ya kusa rusa komai. Gidan iyayenta ta koma wanka, ɗaki ɗaya da mahaifiyarta, ba wanda ya san tana da cutar. Da ta kawo yaron a sati shida, ta ce: "Sista, a ƙasan buhun gero nake ɓoye maganin. In Inna tana ɗaki ba na iya sha." Na ƙirga ƙwayoyin, saura sun yi yawa. Ga kan nononta na hagu ya tsage yana tsattsafar jini. Ga Inna tana ɗura wa yaro ruwa da cokali saboda zafin bazara.

Wannan ruwan ya fi komai tayar mini da hankali. Hanjin jariri ɗanye ne. Ruwa, koko ko jiƙo suna iya ƙuje shi, cutar da ke cikin nono ta sami ƙofa. Shi ya sa muke cewa nono zalla wata shida. Madarar gwangwani kuwa, a gidan da ruwan sha na 'yan garuwa ne, gudawa za ta iya kashe yaron tun kafin a yi zancen ƙanjamau.

Na ce ta tatse nonon hagu ta zubar har ya warke, ta shayar da na dama. Muka ɗiga jinin dunduniyar yaron a kan kati aka tura, domin gwajin gaggawa ba ya aiki ga jariri irinsa: garkuwar uwa yake gani a jikinsa. Muka fara masa seftirin. Sannan, da yardarta, na kira mahaifiyar gefe. Ban ambaci cutar ba, wannan sirrin 'yarta ne. Na ce: "Hajiya, jikanki nono kaɗai zai sha, akwai ruwa a cikinsa. Maganin da take sha kuma na lafiyarsu ne su biyu, ke nake so ki riƙa tuna mata." Ta ce: "To 'yar nan, ai da an gaya mini." Daga ranar, bayan sallar isha'i ita ke miƙa mata.

Katin ya dawo babu cuta. Ban saki jiki ba, don muddin yaro yana kan nono ƙofa a buɗe take. A wata shida aka fara masa kunu, bayan ya shekara ta yaye shi a hankali, a wata 18 gwajin ƙarshe ya tabbatar lafiyarsa ƙalau.

Wadda har yau take ci mini rai wata ce daban. Ta gwada a farkon ciki, babu komai, ba a sake gwada ta ba. Ta kamu tana shayarwa, kuma a sabon kamu ƙwayoyin cuta sun fi yawa a jini da nono. 'Yarta ta ɗauka. Tun daga nan, duk wadda gwajinta na farko ya fito lafiya, sai mun maimaita a ƙarshen ciki da lokacin rigakafin yaro, kuma muna aika wa maigida takardar gayyata ya zo a gwada shi.