Kare kunne daga ƙarar biki da harbi a Lazaret

Ƙara tana lalata kunne ne gwargwadon ƙarfinta da daɗewar da mutum ya yi a cikinta. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke miƙa sauti zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su, in abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tohowa. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa mutum kan yi shekaru bai ankara ba.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kimanin desibel 60 ce. Ƙa'idar da ake bi a wuraren aiki ita ce desibel 85 na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan 88 awa 4 ne, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Wanda ba shi da na'urar awo yana da alama mai sauƙi: in sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare shi ya ji, ƙarar ta kai matakin cutarwa.

A Lazaret, kamar sauran unguwannin Yamai masu cunkoso, a bakin titi ake kafa rumfar biki, a jera kujeru, a ɗora lasifika a ƙofar gida. A ɗauka lasifikar tana ba da desibel 106 a tazarar mita ɗaya. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara tana raguwa da kimanin desibel 6: mita 2 ta zama 100, mita 4 ta zama 94, mita 8 ta zama 88. Matar da ke zaune a mita 2 ta cinye rabonta na yini cikin minti 15, jaririn da ke goye a bayanta ma haka. Wadda ta ja kujerarta zuwa mita 8 tana iya zama awa 4. A lungu mai katanga dama da hagu, sautin yana dawowa daga bango, raguwar ba ta kai haka ba. Don haka ya kamata masu biki su ɗora lasifika a kan tsayi, su juya bakinta daga inda mata da yara suke, mai kayan kiɗa kuma ya rage murya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta tsayar da desibel 100 a matsayin iyakar wuraren shagali.

Petar da bindiga nasu daban ne, domin ƙarar tasu bugu ɗaya ce. Harbi kusa da mutum yakan wuce desibel 140, kuma sau ɗaya ya isa ya fasa dodon kunne ko ya kashe ƙwayoyin nan take. Haɗarin petar ya fi yawa a daren shiga sabuwar shekara, musamman in yaro ya kunna ta a hannunsa, ko ya jefa ta cikin zaure ko gwangwani, inda ƙarar ke taruwa. In an ji harbi a kusa, rai ake fara tserarwa: a kwanta ko a fake bayan katanga, sannan a danna ƴar tsokar da ke bakin ramin kunne da yatsa har ta rufe shi.

Auduga ba ta tare ƙara sai kaɗan. Abin da ke aiki shi ne matoshin kunne na soso, wanda ke rage desibel 15 zuwa 30 in an sa shi daidai. Ana murza shi har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama, a tura shi ciki, a riƙe kamar rabin minti har ya kumbura. In ya zauna, mutum zai ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa. Ba a sa wa jariri shi, domin yana iya haɗiye shi. Kariyar jariri ita ce a nisanta shi.

Kunnen da ke kuwwa ko ya toshe bayan biki ya sha wuya ke nan, yana bukatar shiru na yini guda aƙalla. In kuwwar ta wuce kwana ɗaya ko biyu, sai a ga likita. In kuwa jin ya ɗauke farat ɗaya, ko jini ko ruwa ya fito, ko jiri ya kama mutum bayan fashewa, a je a ranar, domin magani ya fi tasiri a kwanakin farko. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Kafin a isa, ba a ɗiga mai ko ruwan magani, ba a sakace, kuma ba a bari ruwan wanka ya shiga. Dodon kunnen da ya fashe yakan haɗe da kansa cikin ƴan makonni in ya zauna a bushe.