Wasiƙar da Ta Tashi Daga Kibiya Zuwa Kasuwar Kurmi

Wanda ya baro Kano ta hanyar Zariya, ya karya kwana, ya wuce Bunkure, duwatsu ne za su fara yi masa maraba kafin ya ga garin Rano. Manya ne, wasu a ɗore kan wasu, gonakin dawa da gyaɗa sun kewaye gindinsu. Tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma har yau ana yi wa sarkinsa kirari da Autan Bawo. Kibiya tana gabas da shi, tafiya kaɗan. Tun 2024 ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure ne ke ƙarƙashin masarautar Rano.

Na zaga kasuwannin garuruwan biyu ina duba abin karantawa. Akwai masu tebur da ke sayar da littafin rubutu da biro da littattafan makaranta, akwai kuma masu shimfiɗa tabarma su jera Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi. Wannan ya wadatar da ɗan firamare da ɗalibin zaure mai farawa. Amma mai neman abin da ya wuce nan, dole idonsa ya koma Kano, wajen 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi ko na Sabon Gari. Kuɗin motar zuwa da dawowa kuwa sai ya cinye kuɗin littafi guda ko biyu. Shi ya sa wasu ke aika saƙo, kayan su biyo direba.

A Kibiya wani malamin firamare ya nuna mini kwafin wasiƙar da ya aika wa wani mai sayar da littattafai a Kurmi. A takarda ya rubuta ta, ya ɗauki hotonta ya tura ta waya. Na roƙe shi ya bar ni in kwafa, domin ban taɓa ganin saƙon saye da ya cika kamarta ba:

"Assalamu alaikum. Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana albarka. Ni malamin makaranta ne a Kibiya. Abin da na fi so shi ne tarihin ƙasar Kano, musamman ɓangarenmu na kudu, kuma da Hausa, don Turancina na aiki ne, ba na zaman hira ba. A fiƙihu na sauke Iziyya, zan shiga Risala a gaban malamina, ina son mai wasali, mai manyan baƙi, saboda idona. Ina da 'ya a aji biyu na ƙaramar sakandare, ta gama Magana Jari Ce na ɗaya. Kuɗina naira 20,000 ne har da na direba, ba ni da ƙari. Risala ce farko, sai na yarinya, sai tarihi. Abin da babu kada a musanya shi da wani sai an faɗa mini. A turo mini sunaye da farashi kafin a ɗaure kaya. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga faɗin abin da yake so ba, ya faɗi inda ya kai. Mai shago da ya ji "littafin addini" kawai, ko dai ya aiko da Ahalarin da mutum ya wuce tun yana yaro, ko ya aiko da Muhtasar wanda ya fi ƙarfinsa. Amma "na sauke Iziyya" ya nuna matakin sarai, domin duk wanda ya san karatun zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ce ke biye. Haka ma batun wasali. Risala tana da bugu iri-iri: akwai zallan matani, akwai mai fassarar Hausa, akwai kuma wadda ke cikin sharhi, kamar Samaruddani, wanda ya fi kauri da tsada. Mai biya karatu a gaban malami matani yake buƙata tukuna, mai fili a gefe inda zai riƙa rubuta ma'ana.

Sai maganar kuɗi. Mutanenmu ba sa son faɗin abin da ke aljihunsu, suna tsoron in mai kaya ya ji adadin zai ja farashi ya cike shi. A ciniki na ido da ido wannan tsoro yana da hujja. A saƙo daga nesa kuwa ɓoyewar cutar kai ce, don mai shago ba zai san ko ya zaɓi bugu mai bangon kwali ko mai arha ba. Malamin ya toshe ƙofar zalunci ta wata hanya, wato ya nemi farashin kowane littafi kafin a ɗaure. Ya ce mini ya ware 2,000 na direba tun farko, saura 18,000 ne na littattafai. Jerin fifikon da ya bayar kuma shi ne ya nuna wanda za a ajiye in kuɗin sun gaza.

Amsar Alhaji ta zo da murya, malamin ya kunna mini. Ya samo Risala mai wasali. Ga yarinya ya ce a cika mata na biyu da na uku na Abubakar Imam, in da saura a ƙara Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A tarihi ya ambaci Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da littafi na biyu na Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ke ɗauke da fassarar tsohon tarihin sarakunan Kano. Wannan na biyun ya dace da mutumin Kibiya ƙwarai, domin ƙarshen Sarki Alwali, wanda masu jihadi suka kashe a 1807, a Burum-Burum ya faru, nan kudu da su. Sai dai Alhaji ya ce a lokacin babu shi a shagonsa, kuma bai cusa wani a madadinsa ba. Malamin ya ce a riƙe ragowar kuɗin har a samo.

Na tambaye shi dalilin wannan tsantseni. Ya ce, "Malam, an taɓa aiko mini da littafin da shafi goma sha shida suka ɓace a tsakiyarsa." Ba mamaki, domin a ƙulli-ƙulli ake naɗe shafuka wajen ɗinki, in ƙulli ɗaya ya faɗi sai su tafi tare. Yanzu da kaya sun iso, kafin direba ya juya, yakan bi lambobin shafi daga farko har ƙarshe. Yana kuma duba alamun bugun sata: tawada ta dusashe a wani shafi ta yi baƙi ƙirin a wani, takarda sirirya har rubutun baya na leƙowa, bango manne da gam ba ɗinki. Ƙagaggun labarai masu kashi-kashi kuwa ba ya karɓa sai sun cika, don na uku yakan yi wuyar samu bayan an sayi na ɗaya da na biyu.

Kirana ga 'yan littattafan Kurmi da Sabon Gari shi ne, in saƙo irin wannan ya zo muku daga Rano ko Kibiya ko Rurum, ku karanta shi har ƙarshe, ku faɗi gaskiyar bugun da ke hannunku, kuma abin da babu ku ce babu.