Affect da effect: mu auna su da Hausarmu

Ko da Hausa zalla muke rubutu, Turanci ba ya barinmu. Wata rana sanarwar gwamnati za mu fassara, wata rana kuma mai unguwa zai ce mu da muka yi boko mu rubuta takardar koke a kan kwata ko rijiyar burtsatse. A irin wannan aiki ne kalmomin affect da effect suke kayar da mutane. Su kansu Turawa kusan iri ɗaya suke furta su, don haka kunne ba zai raba mana gardama ba. Abin da zai raba ta yana cikin Hausarmu, domin mu kalmomi uku muke da su a nan: shafa, tasiri da aiwatarwa.

Mu ɗauki abin da duk ɗan cikin birni ya sani. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A cikin badala abin ya fi ciwo, saboda lungunan Yakasai da Mandawari da na kewayen Kasuwar Kurmi da yawa mota ba ta shiga, babur ne yake kai mutum ƙofar gida. Idan muna so mu ce dokar ta shafi 'yan kasuwa, sai mu rubuta:

The ban affected traders in Kurmi Market.

A nan affect aikatau ce, daidai da "ta shafi". Idan kuwa muna magana a kan abin da dokar ta haifar, suna muke nema, wato tasiri, shi ne effect:

The ban had an effect on traders in Kurmi Market.

Magana ɗaya ce, gini ne ya bambanta. Ku lura da ƙaramar kalmar on a jimla ta biyu. Mu muna cewa "ta yi tasiri a kan 'yan kasuwa", amma ba ma cewa "ta shafi a kan 'yan kasuwa". Turanci ma haka yake yi: effect tana tafiya da on, ita kuwa affect kai tsaye take kama abin da ta shafa. Duk inda muka ga "affected on", to an gina jimlar da tubalin tasiri, an yi mata rufi da shafa.

Wata 'yar tsokaci ga masu fassara: ba kullum effect take nufin illa ba. Tasiri yana iya zama alheri, yana iya zama akasinsa. Wanda ya mayar da kowace effect illa, ya sa wa mai maganar hukuncin da bai yanke ba.

Inda aka fi zamewa shi ne effect tana da wata fuska ta aikatau, mai nufin aiwatarwa, wato kawo abin da a da babu shi. Mu gwada da takardar koke. A ce kwatar unguwarmu ta toshe, damina ta kusa, muna so hukuma ta zo ta gyara:

We ask the authority to effect repairs on the drain.

Ma'anarta, muna roƙon a aiwatar da gyara. Da harafi ɗaya ya canza muka rubuta "affect repairs", da mun roƙi hukuma ta taɓa wani gyara da ake cikin yi, alhali ko cebur ɗaya ba a ɗaga ba. Wataƙila ma'aikacin ya gane nufinmu, amma takardar da ke ɗauke da sunan unguwa ta fita da maganar da ba ita muka yi niyya ba. Gurbin affect a wannan labari daban ne:

The rains affected the repairs.

Wato gyaran yana nan ana yi, ruwan sama ya zo ya shafe shi. Tambayar da za mu yi wa kanmu ke nan: abin nan yana nan kafin a yi aikin, ko aikin ne zai haifar da shi? In yana nan, affect. In yanzu za a samar da shi, effect.

Sai kuma maganganun ofis da muke ji a rediyo kullum, duk da effect suke zuwa. "The ban took effect in January 2013" na nufin dokar ta fara aiki a lokacin. "With immediate effect" kuwa shi ne "nan take". A nan tasiri ba shi da gurbi ko kaɗan, kuma mai fassarar da ya ce "dokar ta ɗauki tasiri" ya bar mai sauraro a Kurmi bai san ko gobe zai samu babur ba.

Masana halayyar ɗan'adam suna amfani da affect a matsayin suna, don yanayin zuciya da ke bayyana a fuska. Wannan a littattafansu muke haɗuwa da ita, takardar kwata ba za ta kai mu can ba.