Silifas ba takalmin tsufa ba ne

Mu nan Sabo a Ibadan, ko ba a faɗa ba an san takalminmu: silifas. Da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake zuwa masallaci, domin ba wuyar cirewa a bakin ƙofa. To amma ga iyayenmu da suka manyanta, sauƙin nan shi ne haɗarin.

Silifas ba ya riƙe diddige. Sai mutum ya maƙale shi da yatsu, ya riƙa jan ƙafa don kada ya fice. Mai jan ƙafa kuwa, ɗan tudun bakin kwata ma ya isa ya kayar da shi. Ga ruwan sama da muke sha a nan kudu, ga siminti mai gansakuka a wurin alwala. Yaro in ya faɗi tashi yake ya kaɗe riga. Tsoho kuwa ƙashinsa ya yi rauni, faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya ta watanni, wani ma ba ya sake tafiya kamar da.

Idan za mu saya wa Baba ko Inna takalmi, mu tafi da su, kada mu kai tsinken awo. Mu je da yamma, don lokacin ne ƙafa take ɗan kumbura. Su gwada duka ƙafa biyun a tsaye, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin.

Sai mu gwada takalmin kansa a hannu. Matsa bayansa da yatsa: in ya lotsa nan take, ba zai tare diddige ba. Lanƙwasa shi: a wajen yatsu ya kamata ya lanƙwasu, ba a tsakiya ba. In ya murɗu kamar tsumman wanki, ajiye shi. Ƙasansa ya zama roba mai zane, dunduniyar mai faɗi, tsayinta kada ya wuce inci 1. Kuma kada laushi ya ruɗe mu. Soso mai kauri yana hana ƙafa jin ƙasa, sai mutum ya riƙa tangaɗi.

Mun san abin da Baba zai ce: "Sau biyar a rana zan riƙa ɗaure igiya?" Yana da gaskiya. Maganin shi ne takalmi mai maɗaurin manne, ko sandal mai maɗauri a bayan diddige, da ɗan benci a ƙofar masallaci inda zai zauna ya cire. Mai ciwon suga dai rufaffen takalmi ya fi masa, kuma a riƙa lalube cikinsa kafin a sa, don ƙafarsa ba lallai ta ji tsakuwa ba.

Yau da daddare mu kifa takalman tsofaffin gidanmu mu duba. Wanda zanensa ya shafe, ko dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ya gama aiki, ko da samansa na ƙyalli. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.