Inda na zuba kuɗi a Ahaggar

Da na sauka Tamanrasset, dinarin da ke aljihuna bai isa komai da komai ba, sai na ce dole wani abu ya ji yunwa. Na fara da ciki. Gurasa da miyar shorba a ƙaramin gidan abinci na bayan kasuwa sun riƙe ni kwana uku, dabino kuma ya cike giɓi. Gidan adana kayan tarihi na garin ma kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba.

Assekrem ne ya cinye fiye da rabin guzurina. Kilomita wajen 80 ne daga gari, hanyar duwatsu zalla, tilas sai mota mai giyar taimako da ɗan jagora Buzu. Kuɗin mota ake biya, ba na kai ba, don haka na jira kwana biyu har muka haɗu mu huɗu muka raba. Wani ya yi mini tayin mota mai araha, na duba ba ta da tayar safaya, na ce a kai kasuwa.

Kuskurena ɗaya ne: na ƙi sayen bargo a gari, wai tattali. Tudun ya haura mita 2,700, ni kuwa ɗan Kano da 'yar rigar sanyi. Na kwana haƙora na kaɗawa, muryar da nake cin abinci da ita a rediyo ta dishe har mako guda. Da asuba muka hau wajen ɗakin dutsen da Charles de Foucauld ya gina a 1911, rana ta fito ta bayan tsaunukan Atakor, ina tari ina kallo.