Wane Ne "Shi"? Yadda Ake Gyara Jimla Mai Harshen Damo

Ƙannena, ku karanta wannan sanarwa a hankali: "Ana cigiyar akuyar Hajiya mai ƙaho ɗaya." Kowa ya san abin da mai cigiyar yake nufi, amma abin da ya rubuta ya bar ƙofa a buɗe. Akuyar ce mai ƙaho ɗaya, ko Hajiyar? Jimlar ba ta karya ƙa'idar rubutu ko ɗaya ba, babu kuskuren harafi, babu na rabin kalma, duk da haka tana iya sa aji ya fashe da dariya.

Malaman nahawu suna kiran irin wannan jimla mai harshen damo, domin harshen damo a rabe yake gida biyu. Tun da na bar gida a yankin Ikara na shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na lura cewa wannan matsala ta fi kama masu ƙoƙari, wato masu son rubuta doguwar jimla mai kama da ta manya. Dalilin kuwa a fili yake. In kana magana, kana da yatsan nuni da ido da murya, kuma mai sauraro zai iya katse ka ya ce, "Wa kake nufi?" Takarda ba ta da yatsa. Mai karatu shi kaɗai ne da abin da ka rubuta.

Wuri na farko da damo yake ɓuya shi ne wakilin suna, wato ƙananan kalmomi irin su shi, ita, su, ya, ta, masa, nasa. Aikinsu su tsaya a madadin sunan da aka riga aka ambata. Muddin suna ɗaya ne a gaba, babu rikici. Rikici yana farawa ne in sunaye biyu masu jinsi ɗaya sun rigaye shi. Ku duba: "Shugaban makaranta ya gaya wa malamin lissafi cewa an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kudan." Wa zai tattara kayansa? "Masa" ta dace da shugaban, ta dace da malamin, domin duka maza ne, kuma kowannensu mutum ɗaya ne.

Hausa tana taimaka mana fiye da yadda muke zato, domin tana raba namiji da mace har a cikin kayan da ba su da rai. In na ce, "Direba ya tsayar da motar domin ta yi zafi," babu mai tambaya, saboda "ta" ba za ta koma kan direba ba. Amma wannan taimako yana da iyaka. Sunayen garuruwa duk mata ne a Hausa, haka ma yawancin sunayen da suka ƙare da "a", irin su makaranta da hukuma da ƙungiya, waɗanda su ne suka cika wasiƙun aiki. Shi ya sa za ka ga an rubuta, "Ƙungiyar iyaye ta sanar da makarantar cewa za ta gyara rijiyar." Mata biyu, "ta" ɗaya. Kowace tana iya naɗe hannu tana jiran ɗayar, rijiya kuwa ta zauna a rushe.

Maganin wannan ba ya da wuya: ka maimaita sunan. "Ƙungiyar iyaye ta sanar da makarantar cewa ƙungiyar ce za ta gyara rijiyar." Wasu ɗalibai suna gudun maimaita suna don suna ganin alamar ƙarancin kalmomi ce. A wasiƙar aiki ko rahoto, gara ka maimaita suna sau biyu da ka bar mai karatu yana canke. Wata hanyar ita ce ka kawo maganar mutum daga bakinsa: Shugaban makaranta ya ce wa malamin lissafi, "An yi maka canjin wurin aiki zuwa Kudan." Da "maka" ta shigo, damo ya gudu, domin da shugaban ne zai tafi, da "mini" zai ce.

Wuri na biyu shi ne bayanin da ake ɗorawa a goshin jimla, wanda yake farawa da kalmomi irin su bayan, kafin, yayin, ko garin. Ga misali: "Bayan shan magani, likita ya sallami yaron." Ku lura, "shan magani" aiki ne da aka mayar suna, kuma ba a faɗi wanda ya sha ba. Bayanin yana lilo ke nan, yana neman wanda zai kama. Al'adar mai karatu ita ce ya manna shi ga sunan farko da ya biyo baya. Sunan farko a nan likita ne, don haka a takarda likita ne ya sha maganin, sannan ya sallami yaro.

Wannan ya ba da dariya kawai, amma ga wanda yake canza labari: "Bayan kwana uku a daji ba abinci, 'yan banga sun kamo ɓarawon shanun." Su wa suka sha yunwa? In 'yan bangan ne, labarin jarumta ne. In ɓarawon ne, labarin mutum ne da yunwa ta karya. Gyaran shi ne ka ba bayanin mai shi tun daga farko. Ka mayar da sunan aikin cikakken aiki, ka sa mai yin sa a gabansa: "Bayan yaron ya sha magani, likita ya sallame shi." "Bayan ɓarawon shanun ya kwana uku a daji ba abinci, 'yan banga suka kamo shi."

Wuri na uku shi ne inda muka faro, wato kalmar "mai". Ita ba ta nuna jinsi: namiji mai rake, mace mai rake. In ta biyo bayan sunaye biyu da aka ɗaure, tana iya kama kowanne. "Ɗan Hajiya mai sayar da tumatir a Ikara" yana iya zama ɗan ne ɗan kasuwa, yana iya zama uwar ce. A nan Hausa ta ba mu makami mai kaifi: wanda, wadda, waɗanda. "Ɗan Hajiya wanda yake sayar da tumatir" ya nuna ɗan. "Ɗan Hajiya wadda take sayar da tumatir" ya nuna uwar. Sai dai makamin ba ya aiki a kan akuyar Hajiya, domin akuya da Hajiya duk "wadda" suke ɗauka. A nan sai ka matsar da bayanin ya zauna dab da abin da yake bayyanawa: "Ana cigiyar wata akuya mai ƙaho ɗaya, ta Hajiya ce."

Kada ku ɗauka wannan wasan aji ne kawai. A hutun da ya wuce, wani maƙwabcinmu manomin rake ya kawo mini wata takarda in karanta masa, domin sun sami saɓani da wani dillali. Wani ne ya rubuta musu ita a gaban shaidu, kuma zuciyar takardar jimla ɗaya ce: "Bayan biyan naira 150,000, manomin ya amince dillalin ya sare raken, kuma shi zai biya kuɗin mota zuwa kasuwar Makarfi."

"Ɗana," in ji shi, "duba mini, ai ga shi nan an ce shi zai biya."

"Baba," na ce, "an ce shi, amma ba a ce wane shi ba."

Mu bi jimlar daki-daki. Da farko, "bayan biyan naira 150,000" ba ta da mai biya, kuma sunan da ya biyo ta manomin ne, sai ka ce manomi ne ya biya kuɗi don a sare masa rakensa. Wannan bai jawo faɗa ba, domin hankali ya san mai saye ne yake biya. Amma "shi zai biya kuɗin mota" fa? Manomi ya ce sunan da ya fi kusa da "shi" dillali ne, don haka dillali ake nufi. Dillali ya ce tun farkon jimla manomi ne yake magana, shi ya amince, don haka shi ne ya ɗauki alkawarin. Duka hujjojin biyu suna da ƙafa a nahawu. Kuɗin motar naira 40,000 ne, kuma sai da aka sake tara shaidu kafin a tuna cewa a baki dillali ne ya yarda zai biya.

Da an raba jimlar gida uku, da ba a tara kowa ba: "Dillalin ya biya manomin naira 150,000. Manomin ya amince dillalin ya sare raken. Dillalin ne zai biya kuɗin mota zuwa kasuwar Makarfi." Kowace jimla aiki ɗaya, kowane aiki da sunan mai yin sa. Ba ta da ado, amma babu alƙalin da zai karanta ta hanya biyu.

Ga yadda nake duba rubutu kafin in miƙa, kuma a zauren jarrabawa ma minti biyar sun isa. Ina bi da fensir ina ja wa kowane wakilin suna layi, sannan in koma baya in ƙirga sunaye nawa ne za su iya amsa shi. In ɗaya ne, in wuce. In biyu ne, in cire wakilin in sa sunan. Daga nan sai in dubi duk jimlar da ta fara da bayan, kafin, yayin ko garin, in tambaye ta, "Wa ya yi?" In amsar ba ita ce sunan da ya biyo bayan waƙafi ba, sai in rubuta mai aikin a cikin bayanin. A gida kuwa, ka ba ƙaninka da bai san labarin ba ya karanta, ya faɗa maka wa ya yi me. Kai ka san abin da kake nufi, shi ya sa idonka ba zai ga ramin ba.

Amma kada gyara ya zama cuta. "Bayan sallar La'asar, za a fara taro" lafiyarta ƙalau, domin lokaci kawai ta faɗa. "Da isarmu Hunkuyi, ruwa ya sauko" ita ma daidai ce, domin ɗan "mu" ɗin nan ya riga ya faɗi waɗanda suka isa. Haka kuma in suna ɗaya ne a fage, bar wakilin suna ya yi aikinsa. Maimaita "manomin" sau biyar a sakin layi ɗaya gajiyar da mai karatu ne. Masu barkwanci da masu habaici kuwa da gangan suke kiwon damo, domin a nan ribarsu take. Wasiƙar neman aiki, rahoton taro, takardar yarjejeniya da amsar jarrabawa su ne wuraren da ma'ana biyu take zama asara.

Ga aikin wannan mako. Ku gyara wannan jimla ta hanya biyu, kowace da ma'anarta: "Kafin tafiya Zariya, Inna ta gaya wa Yaya ta ajiye kuɗinta a wurin ƙawarta." Ku fara da ƙirga tambayoyin da jimlar ta bari a buɗe. In kun sami ƙasa da uku, ku sake karantawa.