Rabin Buhun Masara da Tukwicin Naira Ɗari Biyar

A watan Agusta na shekarar 2023 ne aka sallami wani abokina daga aiki. Zan sakaya sunansa da na wurin aikin, domin bai san ina wannan rubutu ba. Tun muna aji ɗaya na sakandare muke tare. Ya yi shekara tara yana aikin akanta a wani kamfani a Kaduna, ni kuwa ina Zariya ina fama da karatun digiri na uku da ɗan albashin koyarwa. A duk tsawon wannan lokaci shi ne mai hannu da shuni a tsakaninmu. Shi yake biyan kuɗin tsire idan mun fita, shi ya ɗauki nauyin ɗinkin kayan da na sa ranar ɗaurin aurena. Sai ga takarda mai layi huɗu ta raba shi da aikin, watanni uku kacal bayan cire tallafin man fetur, lokacin da farashin komai ya tashi. Yana da 'ya'ya biyu, matarsa kuma tana da juna biyu.

Ba daga bakinsa na ji ba. Matarsa ce ta gaya wa tawa. A daren ranar na ɗauki waya na tura masa Naira dubu hamsin, na rubuta a gurbin bayani cewa a sayi wani abu a gida, Allah Ya kawo mafita. Na kwanta ina jin na sauke nauyi. Da asuba sai na tarar da alat: kuɗin sun dawo cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: "Mutumina, na gode ƙwarai. Ai ba a kai nan ba tukuna." Daga nan sai da muka yi mako biyar ba mu yi wata maganar kirki ba. Idan na kira sai ya ce yana hanya.

Da farko haushi na ji. Na ce wannan ai girman kai ne, mutum yana cikin rami ana miƙa masa igiya yana tambayar launinta. Da na kai ƙorafi wurin mahaifiyata a Giwa, tana tsintar wake ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce: "Kai da ake cewa kana nazarin Hausa, me ka kira abin da ka aika masa?" Na ce kyauta. Ta ce, "Kyautar me? Haihuwa aka yi masa, ko daga tafiya ka dawo? Sadaka ka ba shi, ɗan nan, shi kuma ya gane."

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin kunya ne a gare ni, domin duk kalmomin na san su, har na sha koyar da su. Bahaushe ba kasafai yake bayar da abu haka kawai ba, sai ya rataya shi a jikin wani dalili, dalilin kuma shi yake raɗa wa abin suna. Wanda ya dawo daga tafiya yana kawo tsaraba. Wanda ake yi wa aure ko suna ana kai masa gudummawa. Akwai goron Sallah, akwai kayan shan ruwa a watan azumi, akwai toshi tsakanin saurayi da budurwa. A duk waɗannan, sunan yana nuni ne ga wani lokaci ko wata alaƙa, ba ya nuni ga aljihun mai karɓa. Attajiri yana karɓar tsaraba daga hannun direbansa ba tare da wani ya ce ya rasa ba. Sadaka da zakka kuwa dalilinsu shi ne rashin wanda ake ba. Kuɗin da na tura ba su da wani dalili sai korar da aka yi masa. Tun kafin ya buɗe baki ya gaya mini halin da yake ciki, na riga na sanar da shi cewa asirin gidansa ya fita, kuma na yanke masa matsayi a cikin mabuƙata. Addu'ar da na liƙa a jikin kuɗin ma irin wadda ake yi wa mai jinya ce.

Masanin nan Bafaranshe, Marcel Mauss, a littafinsa kan kyauta na 1925, ya nuna cewa bayarwa da karɓa da ramawa wajibai ne guda uku da suke ɗaure da juna, kuma kyautar da ba a iya ramawa tana ƙasƙantar da wanda ya karɓa. Na karanta wannan a digiri na biyu, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Haka nan na karanta laccar Kirk-Greene kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, inda ya jera karamci da kunya da mutunci a cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne waɗannan siffofi suna iya cin karo da juna. Karamcina ne ya taka mutuncinsa. Kuma idan zan faɗi gaskiya, a cikin gaggawar da na yi akwai ɗan jin daɗin cewa yau dai ni ne a sama, bayan shekaru ina karɓa. Ina zaton ya hango wannan tun kafin ni in hango shi.

Mahaifiyata ba ta ce in ba shi haƙuri ba. Cewa ta yi in jira kaka. A ƙarshen Oktoba, da aka casa masarar gonarmu, ta sa aka auna tiya ashirin, wato rabin buhu, da wake tiya biyar, da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Na ce a cika buhun mana, tunda akwai. Ta hana. Dalilinta shi ne duk shekara abin da ake aika wa gidansa bai wuce tiya goma ba. Idan aka ninka, za a ce damina ta yi albarka, idan kuwa aka kai buhu guda, to an koma gidan jiya. Ta kuma sa aka auna irin wannan kason aka kai gidan ƙanwarta da ke Rigasa a mota ɗaya, domin kada ya zama shi kaɗai aka ware. Saƙon kuma ba daga gare ni ya fito ba. Daga uwa ne zuwa ga ɗanta: "A gaya wa yaron nan ga ɗanɗanon sabuwar masara, kuma ina fushi, ya kwana biyu bai zo gaishe ni ba." Babu ɗan da zai mayar wa uwa da abin da ta aiko, balle wanda aka haɗa masa da faɗa.

A nan ne na kusa sake yin ɓarna. Ƙanena ɗan shekara goma sha huɗu aka aika da kayan. Na san al'ada: yaba kyauta tukwici, duk wanda aka aiko wa abu zai sallami ɗan aike da wani abu. Sai na ja yaron gefe na ce idan an ba shi tukwici kada ya karɓa, ya ce an hana shi. A ganina ina tausaya wa aljihun abokina ne. Mahaifiyata ta jiyo mu daga ɗaki. Ta ce, "Idan ya ba ka ka sa hannu biyu ka karɓa, ka durƙusa ka yi godiya." Bayan yaron ya fita ta juyo kaina: "So kake ka gaya masa ko tukwici ba ya iyawa?"

Yaron ya dawo da Naira ɗari biyar, da sabulun wanka guda biyu da matar gidan ta bayar a kai wa Hajiya. Ban san daga ina aka ciro su ba, wataƙila daga kuɗin cefanen washegari. Amma da wannan ɗari biyar ɗin ya karɓi kayan a matsayin magidanci da aka gaisar, ba wanda aka agaza wa ba. Sau da yawa mukan fassara tukwici da ladan ɗan aike, mu wuce. Ni yanzu ina ganin rabin amfaninsa na mai bayar da shi ne. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa komai, domin ba farashin kyautar ake biya ba. Shaida ce cewa hannun da ya karɓa shi ma yana iya miƙawa. Da daddare ya kira ni da kansa, karo na farko tun watan Agusta. Bai ambaci masara ba, ni ma ban ambata ba. Mun yi kusan awa guda muna gardamar ƙwallo.

Kuɗin da ya mayar mini kuwa sai a watan Janairu suka sami hanyar shiga gidansa, da matarsa ta haihu. Gudummawar suna ba ta buƙatar wani bayani, kuma tana da lissafinta. A wajen mata ma lissafin a bayyane yake, domin abin da ƙawa ta kai wa ƙawarta na biki akan rama shi da ƙari idan nata ya zo. Maza ba sa ƙirgawa a fili, amma ba sa mantawa. A lokacin aurena, ban da ɗinki, ya ba ni Naira dubu talatin. Kwana biyu kafin suna na je da kaina bayan sallar isha'i, lokacin da 'yan barka suka watse, na miƙa masa dubu sittin a ambulan. Ya fara cewa, "Haba, mutumina..." Na ce, "Bashinka ne na shekara shida. Ko so kake a ce na cinye maka biki?" Ya yi dariya, ya sa a aljihu bai ƙirga ba. Da su aka cika kuɗin ragon suna.

Kada in nuna kamar na gano wata dabara mai warware komai. Wannan hanya tana da iyaka, kuma iyakar tana da ciwo. Kaka sau ɗaya take zuwa a shekara, haihuwa ba kullum ba, yunwa kuwa ba ta jiran dalili. A makonnin da na yi ina jiran masara ta bushe, daga baya na ji cewa matarsa ta sayar da 'yan kunnenta na zinari an biya kuɗin makarantar yara. Da ya karɓi dubu hamsin ɗin nan, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Har yanzu ban iya yanke hukunci ba ko mutuncin da aka tsare ya kai darajar abin da aka rasa, kuma na lura cewa ba shi ya biya farashin ba, ita ce. Akwai kuma buƙatun da ba su da rigar da za a sa musu. Kuɗin haya ba ya zama tsaraba. Da na nemi in biya masa rabin hayar shekara, dole na kira abin da sunansa, rance. Ya yarda, bisa sharaɗin a rubuta. Ya yago takarda daga littafin ɗansa, ya rubuta adadi da kwanan wata da irin kyakkyawan rubutun nan nasa na akanta, ya sa hannu, ya ce ni ma in sa.

Yanzu yana riƙe wa wasu 'yan kasuwa uku littattafan lissafinsu, abin da yake samu bai kai rabin albashinsa na da ba. Duk ƙarshen wata yana turo mini dubu biyar ko goma, tare da saƙon abin da ya rage. Sau biyu na rubuta masa cewa na yafe sauran, sau biyu ina gogewa kafin in aika. Takardar tana nan cikin aljihun jakar kwamfutata, saura dubu arba'in da biyar.